Yadda Gwaggo ta tace min saƙon fushi kafin in tura wa abokin aikina

Ni malamar Hausa ce a wata sakandare ta kuɗi a Zariya, kuma ni ke riƙe da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san cewa makon ƙarshe na zango shi ne makon ciwon kai. Kowane malami zai kawo makin darasinsa, a makarantarmu gwaji 40 jarabawa 60, sai malamar aji ta shigar da su a babbar takarda, ta haɗa jimilla, ta fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe, ta cike katin kowane yaro da hannu, sannan a kai wa mataimakin shugaba ya duba kafin shugaba ya sa hannu. Idan darasi ɗaya bai zo ba, babu jimilla, babu matsayi, babu kati. Ranar hutu kuma iyaye ba sa neman malamin da ya makara, malamar aji suke nema.

A zangon da nake ba da labari, ranar Juma'a za a yi hutu, mataimakin shugaba kuma ya ce katuna su kasance a teburinsa ranar Alhamis da safe. Litinin ta yi, kowa ya kawo nasa sai malamin Lissafi. Mutum ne da ya girme ni, ya kuma daɗe a makarantar tun kafin in gama karatu. Na rubuta tunatarwa a guruf ɗin malamai na WhatsApp kamar yadda kowace malamar aji ke yi, ban kira sunan kowa ba. Bayan la'asar sai ga amsarsa: “Wasu daga zuwansu jiya sun fara ba mutane oda. In kina gaggawa ki zo ki yi makin da kanki.” Mutum biyu suka sa masa alamar dariya a ƙasa. Sauran suka karanta suka yi tsit, har da mataimakin shugaba, wanda shi ma yana cikin guruf ɗin.

Ba wannan ne karo na farko ba. Ya taɓa ce min “ke yarinya” a gaban ɗalibai. Ya taɓa cinye min rabin lokacin darasina, ina tsaye a bakin ƙofa yana ganina. Duk na shanye. A wannan dare kam abin ya taso gaba ɗaya, na ɗauki waya na rubuta masa wannan, da niyyar sakawa a guruf ɗin, inda ya yi min nasa:

“Malam, na daɗe ina kallonka. Kullum kai ne mai kawo maki a makare, kullum kai ne mai raina mutane, kuma kowa a makarantar nan ya san halinka, tsoronka kawai ake ji. Girman kai ya yi maka yawa. Daɗewa a aiki ba shi ne sanin aiki ba. Ka ce min yarinya a gaban ɗalibai na yi shiru, ka cinye min darasi na yi shiru, to wallahi yau ba zan yi shiru ba. Ni ba 'yarka ba ce, ba kuma baiwarka ba ce. In ba ka kawo makin nan ba gobe, zan kai ka gaban shugaba, kuma za ka gane kurenka.”

Abin da ya hana shi tafiya a take shi ne wata ɗabi'a da na saba da ita saboda kuskuren rubutu. Malamar harshe ba ta son a kama ta da kuskure a guruf, don haka duk dogon saƙo nakan fara rubuta shi a hirar da mutum ke yi da lambarsa, wadda WhatsApp ke kira “Message yourself”, in duba shi sannan in kwafa. Ina cikin dubawar Gwaggo ta leƙo ɗakin ta ga ban taɓa tuwona ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tare muke zaune tun rasuwar mijinta. Ta fara aikin gwamnati a Kaduna tana buga tafireta, ta yi ritaya tana sakatariya, don haka takardun ƙorafi da na tuhuma da suka bi ta hannunta ba su ƙirguwa. Ta ce, “'Yar nan, wa ya taɓa ki?” Na karanta mata nasa, na karanta mata nawa. Na zaci za ta fara da a yi haƙuri. Sai ta ce ya yi rashin kyautawa, ba ta kuma ga dalilin da zai sa in haɗiye ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in sake karanta nawa a hankali.

Da na gama ta tambaye ni abin da nake so ya faru gobe da safe. Na ce ina so ya san ni ba abar rainawa ba ce. Ta ce wannan a zuciyarsa zai faru, ba ni da hanyar gani, in faɗi abin da ido zai iya gani. Na yi tunani na ce abu biyu ne: makin ya zo hannuna kafin Laraba da azahar don in samu yammacin in cike katuna, kuma kada ya sake yi min irin wannan magana a gaban mutane. Ta ce to in nemo mata waɗannan biyun a cikin saƙona. Na duba. Makin yana can a layin ƙarshe, cikin barazana, babu lokaci takamaimai sai “gobe”. Na biyun kuwa babu shi kwata-kwata. Na cika shafi da faɗin wane ne shi, ban faɗi abin da nake nema daga gare shi ba.

Daga nan muka bi saƙon jimla jimla, tambayarta ɗaya ce a kan kowace: shin zai iya musantawa?

“Kullum kai ne mai kawo maki a makare.” Gwaggo ta ce ko ya taɓa kawowa a kan lokaci? Na ce ya taɓa. Ta ce to shi ke nan, na ba shi ƙofar fita. Zai amsa min da cewa zangon farko shi ne ya riga kowa, sai gardama ta koma kan zangon farko, a manta da maganar da ya yi min yau. Ta ce a zamanin da take ofis, takardar ƙorafin da ta ce “kullum” ko “bai taɓa ba” ita ce mafi sauƙin rushewa, domin misali ɗaya tak ya isa. Wadda ke ba mutum wahala ita ce mai ɗauke da rana da abin da aka faɗa, ba ƙari.

“Kowa ya san halinka.” Ta ce su wane ne kowa? In aka kira su gaban shugaba za su maimaita? Na tuna mutanen da suka sa alamar dariya, da waɗanda suka yi shiru, na san babu mai tsaya min. Ban da haka, jimlar tana jefa abokan aikina cikin rigimar da ba su ce suna so ba, shi kuma zai fara lissafin wanda ke gulmarsa. Muka goge.

“Girman kai ya yi maka yawa.” Wannan ita ce jimlar da na fi so, kuma har yau ban canza ra'ayi a kanta ba. Amma hukunci ce a kan halin mutum, babu wanda za a ce masa haka ya amsa da “gaskiya ne”. Abin da ba zai iya musu a kai ba shi ne kalmominsa da ke rubuce a guruf, kowa ya gani. Gwaggo ta ce in maimaita masa su kamar yadda ya rubuta, in bar shi ya sa musu suna da kansa.

Kan maganar “yarinya” da maganar cinye darasi ne muka ɗan ja da ita. Na ce su ne asalin ciwon, in na cire su kamar na yarda abin yau ne kaɗai laifinsa. Ta ce ba a goge su daga duniya ba, a ajiye su ne. Ta sa na rubuta su a wani wuri dabam, kowanne da lokacin da ya faru gwargwadon abin da na tuna da waɗanda ke wurin. Dalilinta shi ne, in ka haɗa wa mutum laifi uku a saƙo ɗaya, zai zaɓi mafi rauni ya amsa, ya bar sauran. Zai ce shi dai “yarinya” ya faɗa cikin wasa, ai ya haife ni, sai in zama ni ce marar ɗaukar raha. Laifi ɗaya mai shaida ya fi ƙarfi. In ya maimaita, ranar ce sauran za su yi amfani, a gaban mai ikon yin hukunci.

Barazanar kai shi gaban shugaba ma ta fita, tare da wallahin da ke gabanta. Gwaggo ta ce kai ƙara haƙƙina ne, ba sai na sanar ba. Sanarwar ba ta ƙara komai sai ta ba shi damar riga ni zuwa ofis da wayarsa a hannu, ya nuna “za ka gane kurenka”. Ta ce in tuna cewa duk abin da na rubuta ba shi kaɗai zai karanta ba. Hoton allo ake ɗauka a tura. In karanta saƙona da idon shugaba, mutumin da bai ga ranar da aka bar ni tsaye a bakin ƙofa ba, wanda zai ga saƙo biyu kawai: gajeren rashin kunya daga dattijo, da dogon zagi daga ƙaramar malama. Wa zai samu takardar tuhuma?

Bayan wannan sharar sai na sake rubutawa, na kuma ji daɗin abin da ya fito, domin babu zagi ko ɗaya a ciki: “Ranka ya daɗe babban malami, mun gode da tarbiyyar da aka koya mana a guruf. Dama an ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Idan an samu sarari cikin manyan ayyuka, a taimaka wa ƙananan ma'aikata da maki.” Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wannan ya fi na farkon dafi. A ganina nan ne mu Hausawa muka fi faɗawa. Mun iya habaici, mun iya gugar zana, sai mutum ya cire ashar ya sa kirari da karin magana, ya ɗauka ya huce. Mai karantawa kuwa ya san abin da ake nufi sarai, kuma ya fi jin zafinsa, tunda ba shi da kalmar da zai kama ya yi ƙorafi a kai. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in akwai jimlar da kake ɗokin ganin fuskarsa lokacin da ya karanta ta, fushin ne ya rubuta ta, komai ladabin da ta sa.

Sai na karkata ɗaya gefen. Na rubuta wani mai cike da “don Allah a yi haƙuri”, “in na yi kuskure a yafe min”, “na san ayyuka sun yi yawa”, ban ko ambaci maganar guruf ba. Wannan Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Haƙurin me kike ba shi? Me kika yi masa?” Ta ce saƙo irin wannan yana koya wa mutum cewa in ya daka miki tsawa za ki zo da ban haƙuri, gobe sai ya ƙara. Kuma ni kaina ba zan huce ba, zan ci gaba da dafa abin a ciki har wata rana ya fashe a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sanyin magana dabam, janye magana dabam. Dole jimla ɗaya ta tsaya a kan abin da ya yi, a faɗe ta sau ɗaya, a fili, ba ado.

Ga yadda saƙon ya kasance a ƙarshe:

“Assalamu alaikum Malam, barka da asuba. Makin Lissafi na aji biyu ne kaɗai ya rage min, kuma mataimakin shugaba yana son katuna ranar Alhamis da safe. Ina buƙatar makin kafin azahar ta Laraba don in samu haɗa jimilla. Idan rubutun ne ya yi yawa, zan iya zuwa in kwafa daga rajistarka. Sannan maganar da ka rubuta a guruf jiya, cewa daga zuwana na fara ba mutane oda, ba ta yi min daɗi ba, musamman a gaban sauran malamai. Tunatarwa ce da aikina ya ɗora min. Nan gaba in akwai abin da ba ka ji daɗinsa ba daga gare ni, ina roƙo ka faɗa min kai tsaye. Na gode.”

Tsarin ba haka kawai ya zo ba. Gwaggo ta nace a fara da aikin, domin in mutum ya ci karo da ƙorafi a layin farko, sauran da idon faɗa zai karanta, ko ma ya ƙi ƙarasawa. An sa dalilin wa'adin, da wanda ya sa shi, don ya ga cewa ba ni na ƙirƙiro gaggawar ba. Tayin kwafa daga rajista kuwa sai da muka auna shi. Shi ya ce in zo in yi makin da kaina, don haka ana iya ɗaukar tayin a matsayin mayar da martani. Muka bambanta: duba takardun yara da ba su maki aikinsa ne, ba zan taɓa ba, amma kwafe lambobin da ya riga ya rubuta abu ne da zan iya, kuma zai rage min jira. Na kuma tabbatar da gaske nake, domin tayin da ba ka shirya cikawa ba wani habaicin ne. “Ba ta yi min daɗi ba” ta maye gurbin “ka wulaƙanta ni”, saboda ta farkon labarin zuciyata ce, babu mai gardama da ita, ta biyun kuwa zargi ce a kan niyyarsa. Ba mu nemi ya ba da haƙuri ba. Gwaggo ta ce dattijo irin wannan in ka tsare shi da neman ban haƙuri a rubuce, ka sa shi zaɓi tsakanin girmansa da zaman lafiya, kuma an san abin da zai zaɓa. Abin da za a iya samu shi ne ya daina.

Saura wurin turawa. Ni guruf nake so, tunda a nan aka ci min fuska. Ta ce a guruf ba da ni zai yi magana ba, da 'yan kallo zai yi, kuma mutum ba ya sassautowa ana kallonsa. Na ce to mutane za su ɗauka na ji tsoro. Ta ce mutanen sun riga sun karanta nasa, sun kuma ga ban biye masa ba, mataimakin shugaba ma ya gani. Muka tsaya a kan lambarsa shi kaɗai. Na so in yi saƙon murya don ya fi sauri, ta hana. Murya tana tona abin da rubutu ya rufe, rawar da ke cikinta da numfashi, kuma ba a gyara ta jimla jimla.

Ta kuma hana ni turawa a daren. Ta kawo hadisin da ke cikin Musnad na Imam Ahmad, cewa idan ɗayanku ya yi fushi ya yi shiru, ta ce a zamanin nan yatsa ma yana cikin abin da ake kamewa. Akwai kuma dalili na waya. Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo, amma cikin minti 15 ne kawai, kuma zai nuna an gyara. “Delete for everyone” yana ba da kamar kwana biyu, sai dai yana barin shaidar cewa an goge wani abu, wanda ya riga ya karanta kuma ya karanta. Ga shi saƙon da ya shigo ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana faɗa wa mutum cewa ya hana ka barci. Na ci tuwona da ya huce, na kwanta.

Da safe bayan na idar da salla na sake karantawa da ƙarfi, kamar yana zaune a gabana. Wannan gwajin yana da amfani, domin duk jimlar da bakinka ya kasa furtawa a gaban mutum, bai kamata yatsa ya aika ta ba. Na samu kalma ɗaya da ta saura. Na rubuta “ina sake tunatar da kai”, wannan “sake” ɗin kuwa tsinke ce, na cire ta tare da jimlar. Na tura kafin in fita daga gida.

Alamar ya karanta ta fito tun ina cikin Keke Napep. Bai amsa ba sai wajen tara da rabi, amsar kuma kalma ɗaya ce: “To.” Da na dawo gida na nuna wa Gwaggo cikin jin haushi, ta ce me nake jira, waƙa? Ranar Laraba kafin tashin tara wani ɗalibi ya kawo min takardar makin, cikakkiya, da sa hannunsa. Na cike katuna a daren, na kai ranar Alhamis.

Bai ba ni haƙuri ba, ba mu kuma zama abokai ba. Muna gaisawa, yana ce min Malama, wanda da ba ya yi. A zango na gaba ya sake makara da maki, na tura masa tunatarwa ta lambarsa, ya kawo washegari ba tare da wata magana ba. Ba zan ce wannan hanya tana aiki a kan kowa ba. Akwai wanda sanyin magana ke ƙara wa ƙarfin gwiwa, akwai kuma abin da tun farko ya wuce saƙo tsakanin mutum biyu, kamar zagi na fili, ko barazana, ko maganar banza ga mace, waɗannan ofis ake kai su kai tsaye. Gwaggo ta ce in ya sake yi min a gaban mutane bayan na roƙe shi a rubuce, kada in sake rubuta masa komai. In ɗauki hoton maganarsa ta guruf, da saƙona, da “To” ɗinsa, da waccan takarda da na rubuta ranakun a ciki, in je wurin mataimakin shugaba in ce ga abin da na gwada.